Me ya sa lissafin kamfani ke nuna harajin da ba a biya ba tukuna?

Tambaya: Malam, barka da aiki. Ni kwantabul ce a wani kamfanin jigilar kaya a nan Yamai, shekarata biyu da fara aiki. Bana uwar kamfaninmu da ke waje ta aiko mana da fam ɗin da za mu cika don haɗa lissafin rukuni, a ciki akwai layin da aka rubuta `Impôts différés`. Mu dai harajin ribarmu mun lissafa, mun biya, muna da takardar shaida. To wane haraji ne kuma wannan, daga ina ya fito, kuma me ya sa ban taɓa ganinsa a bilan ɗinmu ba?

Amsa: Barka kadai, ƙanwata. Ki kwantar da hankalinki, babu abin da kika manta, kuma ma'aikatar haraji ba ta binku ko dala a kan wannan layin a yau. Dalilin da ya sa ba ki taɓa ganinsa ba shi ne, a tsarin lissafi na SYSCOHADA da muke aiki da shi, lissafin kamfani guda ɗaya yana ɗaukar harajin da ya wajaba a biya a shekarar ne kawai. Jinkirtaccen haraji, wato abin da layin nan ke nufi, yana fitowa ne a lokacin da ake haɗa lissafin kamfanonin rukuni wuri guda, ko kuma a lissafin da aka yi bisa ƙa'idojin lissafi na duniya, wato IFRS, inda ƙa'idar IAS 12 ke kula da shi. Sabon tsarin SYSCOHADA ya fara aiki a kan lissafin kamfani guda tun 1 ga Janairu 2018, a kan haɗaɗɗen lissafi kuma tun 1 ga Janairu 2019. Kwantabul zai iya shekara goma yana rufe littafi a Yamai bai gamu da wannan layi ba, sai ranar da uwar kamfani ta nema.

Tushen maganar shi ne kamfaninku yana da riba iri biyu a kowace shekara, ke ma kin san haka ko da ba ki kira su da suna ba. Akwai ribar littafi, wadda kike samu bayan kin cire duk abin da aka kashe daga abin da ya shigo, bisa ƙa'idar lissafi. Akwai kuma ribar haraji, wadda kike kaiwa gare ta a shafin nan na takardun ƙarshen shekara inda kike mayar da wasu kuɗaɗen da doka ba ta yarda a cire ba, ki kuma cire wasu da ta yarda. A kan ta biyun ake buga harajin riba, kashi 30 cikin 100. Littafi yana son ya gaya wa masu kamfani da banki gaskiyar abin da shekarar ta haifar. Dokar haraji kuwa tana da nata buƙatun: ta tara wa baitulmali kuɗi, ta hana mutane rage riba da hasashe, wani lokaci kuma ta ƙarfafa masu zuba jari su sayi kayan aiki. Tun da manufar ba ɗaya ba ce, dole alƙaluman su saɓa.

Sai dai saɓanin kansa iri biyu ne, kuma a nan ne mafi yawan masu farawa ke ruɗewa. Wani saɓanin na har abada ne: littafi ya ɗauki abu a matsayin kashewa, doka ta ce ba za ta taɓa yarda da shi ba, kamar tarar da aka ci kamfani. Wani kuma na lokaci ne kawai: duka ɓangarorin sun yarda da adadin, sun dai saɓa a kan shekarar da za a ƙirga shi. Na biyun nan kaɗai ke haifar da jinkirtaccen haraji. Bari mu ɗauki motar ɗaukar kaya, tun da ita ce sana'arku, mu bi ta daga ranar saye har ta tsufa.

A ce kamfaninku ya sayi babbar mota a kan miliyan 60 na sefa, tana ɗauko albasa daga wajajen Galmi da Tawa, ta biyo ta Konni da Doso ta sauke a Yamai. Shugaban garejinku, wanda ya san hanyar ya kuma san yadda direbobi ke riƙe mota, ya ce za ta yi shekara shida tana aiki kafin ta zama ta yarwa. Don haka littafin rukuni zai raba kuɗinta gida shida, amortisman miliyan 10 kowace shekara. A ɓangaren haraji kuma mu ɗauka, don misalin ya fito sarai, an yarda a cinye kuɗin motar cikin shekara huɗu, wato miliyan 15 a shekara. Mu kuma ɗauka cewa kafin a cire amortisman kamfanin yana samun miliyan 50 kowace shekara, ba ƙari ba ragi.

Ribar littafi ke nan miliyan 40 duk shekara, har shekara shida. Da a kanta ake buga haraji, da miliyan 12 ne kowace shekara. Ribar haraji kuwa a shekara huɗun farko miliyan 35 ce, harajinta miliyan 10 da rabi. Da an shiga shekara ta biyar, a idon ma'aikatar haraji motar ta riga ta ƙare, babu sauran abin cirewa, alhali tana nan tana zirga-zirga a hanya. Sai ribar haraji ta koma miliyan 50 cif, haraji ya tashi zuwa miliyan 15, haka ma a shekara ta shida. Yanzu ki tara. Miliyan 10 da rabi sau huɗu ya ba da 42, ki ƙara 15 sau biyu, ya zama 72. Miliyan 12 sau shida ma 72 ne. Gwamnati ba ta yafe muku ko tamma ba. Ta dai yi muku jinkiri a farko, ta karɓi abinta a ƙarshe.

To ki sa kanki a matsayin wanda ke zaune a uwar kamfani yana karanta lissafinku, bai san komai game da motar ba. Idan harajin da aka biya kawai aka nuna masa, a shekarar farko zai ga riba 40, haraji 10 da rabi, saura 29 da rabi. Zai ce madalla, reshen Yamai harajinsa bai ma kai kashi 27 cikin 100 ba. A shekara ta biyar zai ga riba 40 ɗin dai, amma haraji 15, saura 25, wato haraji ya haura kashi 37. Zai fara tambaya me ya lalace a Yamai, alhali babu abin da ya canja: mota ɗaya, hanya ɗaya, ciniki ɗaya. Abin da ya fi wannan muni, a shekarun farko zai iya raba wa masu hannun jari wannan rarar yana zaton riba ce, bai san kuɗin da za a nema daga baya ba ne.

Jinkirtaccen haraji shi ne gyaran wannan hoton. A shekarar farko sai a rubuta cewa nauyin harajin shekarar miliyan 12 ne: 10 da rabi wanda za a kai wa ma'aikatar haraji yanzu, da miliyan 1 da rabi wanda aka ɗage. Wannan ɗaya da rabin ana ajiye shi a ɓangaren basussuka na bilan. Shekara ta biyu a ƙara wani, ya zama 3, ta uku 4 da rabi, ta huɗu ya kai miliyan 6. Daga nan sai ya juyo. A shekara ta biyar an biya 15, amma 3 daga ciki an riga an ɗora wa shekarun baya, sai a zare su daga abin da aka tara, nauyin shekarar ya dawo 12. A ta shida a zare ukun da suka rage, asusun ya koma sifili daidai lokacin da motar ta ƙare a littafi.

Na fi son ki koyi lissafa shi ta hanyar bilan, domin ita IAS 12 ta ginu a kai, kuma ita ce ba ta ɓatar da mutum idan shekaru sun yi yawa. A ƙarshen kowace shekara ki tambayi abu biyu game da motar: nawa ta rage a littafi, nawa kuma ya rage da doka za ta bari a cire nan gaba?

```
(darajar littafi - darajar haraji) x 30%
shekara 1: (50 - 45) x 30% = 1,5
shekara 4: (20 - 0) x 30% = 6
shekara 5: (10 - 0) x 30% = 3
```

Abin da za ki rubuta a lissafin riba na shekara shi ne bambancin da ke tsakanin adadin bana da na bara. Idan ya ƙaru, ƙarin nauyi ne. Idan ya ragu, sauƙi ne.

Akwai manajojin da ke ce mini wannan bashin na takarda ne, tun da babu wanda ya aiko da takardar neman biya. Amsar da nake ba su kullum ita ce su sayar da motar. A ce a ƙarshen shekara ta huɗu wani ɗan kasuwa daga Tawa ya zo ya taya ta miliyan 20, daidai darajarta a littafi, aka sallama. A lissafin rukuni ba a ci riba ba, ba a faɗi ba. A wurin haraji kuwa an sayar da abin da darajarsa sifili ce a kan miliyan 20, duka riba ce, harajinta miliyan 6. Ga shidan nan da muka tara ta fito fili a rana ɗaya. Ko an sayar ko an ci gaba da aiki da ita, miliyan 20 ɗin da ta rage za ta shigo ne ba tare da wani abin cirewa a gabanta ba.

Wani abu kuma da ya shafe ki kai tsaye, wanda littattafan da aka rubuta don wasu ƙasashe ba za su gaya miki ba. A tsarinmu, kafin haraji ya yarda da amortisman sai an rubuta shi a littafi. Shi ya sa idan kamfani yana son cin moriyar saurin da doka ta ba shi, ƙarin miliyan 5 ɗin da ke tsakanin amortisman 15 na haraji da 10 na littafi yakan shiga asusu mai lamba 151, wanda a manhajarku za ki ga an rubuta masa `Amortissements dérogatoires`. A lissafinku na gida ke nan ribar ta riga ta sauko zuwa 35, shi ya sa ba ki ga wani saɓani ba. Amma wajen haɗa lissafin rukuni ana soke duk rubutun da aka yi don haraji kawai. Da an soke shi riba ta koma 40, kuma a daidai wannan lokacin ne jinkirtaccen harajin ke bayyana. Saboda haka wurin farko da za ki duba kafin ki cika fam ɗin nan shi ne asusun 151. In kuwa kun bi adadin haraji kai tsaye a littafinku, shekara huɗu, alhali rukuni yana amfani da shida, to ki nemi jadawalin kadarori na rukuni ki jera shi da naku, mota bayan mota.

Lamarin yana kuma zuwa ta ɗaya gefen, inda kamfani ke biyan haraji da wuri ya sami sauƙi daga baya. A ce a waccan shekarar ta farko akwai wani abokin ciniki da kuka kai wa kaya, kuna binsa miliyan 8, wata tara ke nan ana kira ba ya ɗauka, shagonsa ma a rufe. Ke a matsayinki na kwantabul dole ki yi tanadi a littafi, ki rage riba da miliyan 8, domin kin san da wuya kuɗin su dawo. Mu ɗauka a bana ba ku da hujjar da za ta gamsar da ma'aikatar haraji, ba ku kai ƙara ba, ba ku da wata takardar da ke nuna an bi an gaza, don haka kika mayar da miliyan 8 ɗin cikin ribar haraji. Kun biya harajin kuɗin da littafi ya riga ya ɗauka a matsayin asara. Ranar da hujja ta cika doka ta yarda, za a cire su, harajin wannan shekarar ya ragu da miliyan 2,4. Wannan sauƙin da ke jiranku a gaba shi ake rubutawa a ɓangaren kadarori. Tanadin kuɗin sallamar ma'aikata idan sun yi ritaya ma yakan bi irin wannan hanya a duk inda doka ba ta yarda da shi ba sai an biya.

Mu ƙara abu na uku a shekarar: an ci kamfanin tarar miliyan 2. Littafi ya cire ta, doka ba za ta cire ba, bana ko baɗi ko shekara goma. Babu wani sauƙi da ke zuwa, don haka babu abin da za a jinkirta. Kuskuren da na fi gani a wurin matasa shi ne su ɗauki ribar littafi su debe ribar haraji, duk abin da ya fito su buga masa kashi 30 su ce shi ne jinkirtaccen haraji. Yin haka yana cusa tarar a ciki, sai ta zauna a bilan a matsayin kadarar da ba za ta taɓa zama kuɗi ba. Kowane layi da ke shafin mayarwa da cirewa sai kin tsaya a kansa kin tambaya: wannan zai juyo wata rana? Idan kin kasa faɗin abin da zai faru ya sa ya juyo, ki bar shi a waje.

Yanzu mu haɗa shekarar farko gaba ɗaya, domin a nan ne za ki sami ma'aunin da zai nuna miki ko aikinki ya yi daidai. Daga miliyan 50 a cire amortisman 10, tanadi 8, tara 2, ribar littafi ta zama 30. Don a kai ga ribar haraji a mayar da 8 da 2, a cire ƙarin 5 na mota, ta zama 35, harajin biya 10 da rabi. Jinkirtaccen kuma: mota ta ƙara nauyin 1,5, bashin abokin ciniki ya rage 2,4, ya zama ragin 0,9. Nauyin harajin shekarar a lissafin rukuni ke nan miliyan 9,6. Ki gwada ta wata hanyar dabam: ribar littafi 30 sau kashi 30 ya ba da 9, ki ƙara harajin tarar da ba a yarda da ita ba, wato 0,6, ya ba da 9,6. Sun haɗu. Masu binciken lissafi wannan gwajin suke fara nema. Idan hanyoyin biyu suka ƙi haɗuwa, to ko dai kin ɗauki saɓani na har abada kin mai da shi na lokaci, ko akwai na lokacin da ya kuɓuce miki. Ki raba tazarar da 0,3, adadin da ya fito ki neme shi a cikin layukanki, sau da yawa za ki gan shi yana kallonki.

Ɓangaren kadara shi ne nake so ki fi yin taka-tsantsan da shi, domin na ga inda ya cutar da mutane. Ana rubuta bashin jinkirtaccen haraji kusan a kowane hali, amma kadarar ba a rubuta ta sai akwai kyakkyawan zaton cewa kamfanin zai sami ribar harajin da za a cire abin daga cikinta. Ragin haraji ba shi da amfani ga wanda ba shi da harajin biya. Na taɓa duba haɗaɗɗen lissafin wani kamfani a nan Yamai da ya yi shekaru yana faɗuwa. Kowace shekara sai a ɗauki asarar a buga mata kashi 30 a rubuta a kadarori, a kan cewa baɗi za a farfaɗo. Na zauna da manajan kuɗinsu da yamma bayan ma'aikata sun tashi, na ce ya nuna mini takardar da ke nuna daga ina ribar baɗin za ta fito. Ya buɗe durowa ya ɗauko hasashen da aka yi shekara biyu da suka wuce, ba a ko canja kwanan watan ba. Doka kuwa ta ƙayyade shekarun da za a iya tura asara gaba, kuma wa'adin tsofaffin ya kusa cika. Dole aka share kadarar a shekara ɗaya, jarin da ake gani a takarda ya zube, bankin da ya ba su rance yana kallon wannan jarin ya kira su. Mutumin ba maƙaryaci ba ne, ya yarda da kamfaninsa ne da zuciya ɗaya, kuma har yau abin yana damuna idan na tuna. Kamfanin da ya saba faɗuwa yana buƙatar hujja mai ƙarfi: kwangilar da aka sa wa hannu, ko bashin jinkirtaccen haraji da zai juyo a cikin wa'adin, kamar miliyan 6 ɗin motarmu.

Sai maganar adadin da ake bugawa. Ana amfani ne da wanda zai yi aiki a shekarar da saɓanin zai juyo, bisa dokar da aka riga aka zartar ko ta kai matakin da ba ta da sauran komawa baya a ranar rufe littafi. Jita-jitar cewa za a rage haraji ba ta shiga lissafi. Da a ce kafin ƙarshen shekara ta huɗu dokar kasafin kuɗi ta mai da adadin kashi 25, da bashin motar ya koma miliyan 5 daga 6, miliyan ɗayan kuma ya shiga ribar wannan shekarar. Haka nan idan kamfaninku yana cikin shekarun da aka yafe masa harajin riba a ƙarƙashin dokar zuba jari, ki duba da kyau wace shekara kowane saɓani zai juyo. Wanda zai juyo a cikin lokacin yafiya ba shi da harajin da zai jawo. Wanda zai juyo bayan ta ƙare kuwa sai an rubuta shi tun yanzu, ko da a bana ba ku biya komai ba. Ba a kuma rage darajar adadin don biyansa yana nesa. IAS 12 ta hana.

Game da fam ɗinki, ki buɗe shafi ɗaya mai ginshiƙi huɗu: sunan abu, darajarsa a lissafin rukuni, darajarsa a wurin haraji, da shekarar da kike tsammanin zai juyo. Ki fara da motoci da asusun 151, sannan tanade-tanaden da kika mayar, sannan asarar baya idan akwai, kowace da shekarar da wa'adinta zai cika. Tun da bana ne karo na farko, ki lissafa adadin ƙarshen bara ma, in ba haka ba duk abin da ya taru a shekarun baya zai faɗo wa ribar bana ita kaɗai. Rubutun kansa kada ki shigar da shi a littafin da kike kai wa ma'aikatar haraji, a fam ɗin rukuni zai tsaya. Idan kin gama ki yi gwajin nan na hanyoyi biyu kafin ki aika, ki kuma haɗa musu da shafin, domin mai haɗa lissafi a can zai tambaye ki shi.